Yadda ake rubuta ma mai gida saƙo idan kuɗin kayan gini sun ƙaru bayan an canza zane

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramar kwangilar gini a garin nan na Katsina ya san wannan ranar. Mai gida ya zo ganin aiki ranar Asabar shi da Hajiya, an zagaya, Hajiya ta tsaya tsakiyar falo ta ce ai wannan ya yi ƙanƙanta, a ɗan turo shi gaba, wannan bangon na tsakanin falo da wurin cin abinci ma a cire shi wuri ya buɗe. Alhaji ya juyo ya ce maka ai ba wani abu ba ne ko, kai kuma saboda kunya ka ce eh in sha Allahu za a duba. Toh daga wannan "za a duba" ɗin ne rigima ke farawa, domin shi ya tafi da tunanin bulo hamsin da siminti buhu biyar, kai kuma in ka zauna da biro za ka ga abin ya doshi miliyan.

Ni ma na taɓa cin wannan kashin a wani aiki, na yi shiru na ci gaba da gini sai da kuɗi suka ƙare sannan na buɗe baki, kuma wallahi duk da ban ci sisin mutumin ba har yau kallon da yake mani bai koma daidai ba. Shi ya sa nake son in nuna yadda nake yi yanzu, da misalin wani gida mai ɗaki uku a bayan Ƙofar Ƙaura. Farashin da zan saka duk misali ne na zagaye su don lissafi ya yi sauƙi, kai sai ka saka na ranar da kake rubutawa.

Abu na farko, kar ka faɗi kuɗi a tsaye a wurin aiki. Ko ya matsa ka ce "ranka shi daɗe a ba ni zuwa jibi in auna in turo a rubuce". Duk adadin da ya fita bakinka a wannan lokacin shi zai riƙe, in ka ce "ba zai wuce dubu ɗari uku ba" an gama, ko ka kawo takarda mai shafi goma daga baya zai ce ai kai ka ce dubu ɗari uku. Sannan ka tsayar da aikin wannan ɓangaren kawai, magina su koma ɗakunan baya, kar a ci gaba da ɗora bulo a bangon da ake maganar cirewa.

Na biyu, ka koma da tef ka auna, ka rubuta canjin a jimla ɗaya wadda kowa zai gane. A namu misalin ga ta: falo da yake mita 4 a mita 5 zai koma mita 4 a mita 7, kuma za a cire bangon tsakaninsa da wurin cin abinci mai tsawon mita 4. Ka zaɓi ma'auni ɗaya ka tsaya a kai, in da ƙafa kuka saba magana da mai gidan to ka yi komai da ƙafa, kar ka gauraya mashi. Ka kuma rubuta inda aiki ya kai ranar da aka yi canjin, nan ne rabin bayanin yake. Mu a lokacin an gama fandisho, bulo ya kai difisi, wato inda bulon fandisho ke tsayawa, an yi ciko amma ba a zuba jaman fulo ba, kankaren nan da ake shimfiɗawa a kan ciko. Wato tsohon fandishon gaban falo, mita 4 ɗin nan, an riga an binne kuɗi a cikinsa kuma ba zai tashi ya bi mu gaba ba.

Kafin ma ka fara lissafi ka duba ko turo falon gaba bai cinye tazarar da ya kamata a bari tsakanin gini da katanga ko titi ba, in zanen an kai shi hukumar tsara birane an sa hannu to canjin da ya taɓa girman gini sai an koma wurin mai zane. Wannan ma magana ce da za ta shiga saƙon a layi ɗaya.

Yanzu lissafin, kuma nan ne zan daɗe don in lissafin ya yi kyau saƙon rubuta kansa yake. Dabarar ita ce ka bi canjin daga ƙasa zuwa sama kamar yadda ake ginin, kar ka tsallake.

Daga ƙasa, sabon rami za a haƙa: mita 2 ta dama, mita 2 ta hagu, mita 4 ta gaba, mita 8 ke nan. Kankaren cikin ramin in faɗinsa mita 0.6 ne kaurinsa 0.2, ya kusa kubik mita ɗaya, kuma kwaɓin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu da muke yi yana cin siminti wajen buhu 6 a kowane kubik. Bulon fandisho layi huɗu kusan tsayin mita ɗaya ne, bulo mai inci tara kuma guda 10 ke rufe sukwaya mita ɗaya, don haka mita 8 ya ba ka bulo 80. Sai ciko na jar ƙasa, tifa ɗaya ta isa. Sai jaman fulo na sabon wurin, sukwaya mita 8 a kaurin 0.15, kubik 1.2 ke nan, buhu 7.

In an hau sama, ka lura da wani abu da wasu ke cutar mai gida da shi, wasu da gangan wasu da rashin sani. Bangon gaba ba ƙari ba ne, matsawa kawai ya yi, dama can yana cikin tsohon ƙiyasi. Ƙarin gaskiya shi ne gefe biyun nan, kowanne mita 2 a tsayin mita 3, gaba ɗaya sukwaya mita 12, bulo 120. Sannan bangon da aka cire dole ka maido ma mai gida kuɗinsa: mita 4 a mita 3 sha biyu ne, a cire gurbin ƙofa saura kusan 10, bulo 100 ke nan da ba za a saya ba. Toh 80 da 120 a ɗebe 100, saura bulo 100, ka ƙara 5 na fashewa wurin sauka daga mota, 105. Buhu ɗaya na ɗora wajen bulo 50, buhu 2 ke nan. Linta ma ta kashe kanta, abin da aka ƙara a gefe biyu shi aka rage a bangon da aka cire, sai ka bar ta kar ka saka ko kwabo.

Wannan ragin kar ka kuskura ka haɗiye shi ka kawo jimla kawai. Ka rubuta shi ɓaro-ɓaro a saƙon. Mutum in ya ga ka cire mashi bulo 100 da bai ma san zai iya tambaya ba, sauran lissafin da kwanciyar hankali yake karanta shi.

Sai babban wurin da masu gida ba sa ganewa, cire bango. A tunaninsu an cire abu ai kuɗi raguwa za su yi. Amma bangon nan ba raba ɗaki kaɗai yake ba, katakon rufi a kansa zai zauna, in ka cire shi sai ka samar ma nauyin wata hanyar sauka ƙasa, wato bim a sama da fila biyu da za su ɗauke shi, kowace fila kuma da nata gindin a cikin ƙasa. Girman bim da yawan rodi ba aikin ɗan kwangila ba ne ya yanke da ido, injiniya za ka kai ma, ko da kuwa ka yi shekara ashirin kana zuba bim. A namu ya ba da bim mai inci 9 a inci 18, rodi mil 16, wato mai kaurin milimita 16, guda uku a ƙasa biyu a sama, kowace fila guda huɗu, ringi na mil 10 duk bayan santimita 20. Kankaren bim da fila biyu da gindinsu ya tashi kusan kubik 1.4, buhu 9.

Lissafin rodi akwai ɗan tarko a ciki. Rodi tsawon mita 12 yake zuwa, mu kuma yanka 13 muke so, biyar na bim takwas na fila, kowanne tsakanin mita huɗu da rabi zuwa biyar. In ka tara mitocin ka raba da 12 za ka ga kamar sanda 5 ko 6 sun isa, amma a zahiri yanka biyu kawai ke fita a sanda ɗaya, na ukun bai kai ba, don haka sanda 7 za ka saya. Guntayen da suka rage ba asara ba ne, da su mai ɗaurin rodi zai yi kwandon gindin fila, kuma wannan ma yana da kyau ka faɗa ma mai gida kafin wani ya kai mashi gulmar an bar rodi a yashe. Ringi kuwa, wajen 23 a bim da 40 a fila biyu, ya ci kusan mita 64, sanda 6.

Sauran ba su da wahala. Filasta ta kusa kashe kanta ita ma, buhu ɗaya ya rufe bambancin. Daɓen tayil buhu 2. Tayil mai sittin a sittin guda huɗu ne a kwali, sukwaya mita 1.44, kwali 6 zai rufe mita 8 ɗin sai ɗaya na yanka da gindin bango, 7. Rufi kuma kar ka yi hasashe, ka kira kafintanka ya auna, don kwano kullum ya fi ƙasan ɗaki yawa saboda gangare da baki, sukwaya mita 8 a ƙasa za ta iya zama 12 a sama. In ka tara siminti duka: 6 da 2 da 7 da 9 da 1 da 2, buhu 27.

Mataki na gaba shi ne wanda na fi damuwa da shi a duk rubutun nan. Ka raba ƙarin da canjin zane ya jawo da ƙarin da kasuwa ta jawo, kar ka taɓa cusa ɗaya a cikin ɗaya. Ka ga lokacin da muka yi tsohon ƙiyasi siminti 9,500 ne yanzu ya koma 10,000, kuma akwai buhu 200 na tsohon aiki da ba a saya ba tukuna, dubu 100 ke nan da babu ruwansu da falon Hajiya. Akwai jarabar ka ce bari in lafta su a kan canjin tunda dama an buɗe ƙofar ƙari. Kar ka yi. Mai gida zai nuna ma wani abokinsa injiniya ko ƙanensa da ya taɓa gini, su ƙirga su ga mita 8 ba za ta ci wannan kuɗin ba, daga nan duk takardarka ta zama abin zargi har da wuraren da ka yi gaskiya. Bayan haka kuma zalunci ne ga Hajiya, a cikin gida za a riƙa cewa ita ta jawo kuɗin da ba ita ta jawo ba.

Ka ɗauki farashi a ranar da za ka rubuta, ka kira dila biyu ko uku, ka rubuta kwanan wata a kai. In Dangote kuka fara da shi ka nemo farashin Dangote, in BUA ne BUA, kar ka kwatanta farashin wannan da na wancan.

Toh ga saƙon kansa yadda na tura, ka canza abin da ya dace da naka:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da warhaka, ya iyali, ya hanya ranar nan. Allah ya sa an koma lafiya.

Ranka shi daɗe maganar gyaran da aka ce a yi ranar Asabar ce, wato falo ya koma mita 4 a mita 7 maimakon 4 a 5, a kuma cire bangon tsakaninsa da wurin cin abinci. Na auna, na kuma kai ma injiniya ya duba. Aikin zai yiwu kuma zai yi kyau, sai dai kuɗin kaya zai ƙaru da naira 957,500. Ga inda suka fito:

Siminti buhu 27 a 10,000, 270,000. Buhu 13 na sabon fandisho da jaman fulo ne, 9 na bim da fila, 5 na ɗora bulo da filasta da daɓe.
Bulo 105 a 700, 73,500. Asali 200 ake buƙata, na cire 100 na bangon da ba za a gina ba, na ƙara 5 na fashewa.
Rodi mil 16 sanda 7 a 16,000, 112,000.
Rodi mil 10 sanda 6 a 6,500, 39,000.
Tsakuwa da yashi da jar ƙasa, 190,000.
Tayil kwali 7 a 9,000, 63,000.
Kwano da katako da silin da ƙusa da waya, 210,000.

Dalilin da ya sa cire bango bai rage kuɗi ba shi ne rufi a kansa zai zauna, yanzu dole a zuba bim da fila biyu su ɗauki nauyin. Sannan tsohon fandishon gaba an riga an yi shi, sabo za a haƙa.

Akwai wata magana daban da ba ta shafi gyaran ba. Siminti ya tashi daga 9,500 zuwa 10,000 kuma saura buhu 200 na tsohon lissafi ba mu saya ba, wannan 100,000 ne ko an yi gyara ko ba a yi ba.

Tsohon ƙiyasi 14,200,000. Da gyara da tashin siminti ya koma 15,257,500. Wannan kuɗin kaya ne kawai a farashin yau, ladan ma'aikata zan turo shi daban gobe in Allah ya kai mu. Zanen ma sai mai zane ya gyara shi.

In ana son ragewa, za a iya faɗaɗa falon a bar bangon da ƙofa mai faɗi, zai rage wajen 130,000 ban da tsakuwa da katakon zuba bim.

Na dakatar da aikin falo, magina suna ɗakunan baya, aikin can zai riƙe su zuwa Alhamis. Ina roƙon a ba ni amsa a rubuce kafin nan, a ci gaba da gyaran ko a bar bangon ko a koma tsohon zane. Na haɗo da hoton wurin da takardar injiniya. Na gode, Allah ya ƙara girma, a gaida Hajiya."

Ka lura jimlar ƙarin ta zo da wuri, bayan gaisuwa da tuna mashi abin da aka ce. Da can nakan ɓoye ta a ƙarshe ina ta kewaye-kewaye, sai na gane mutum tsallake komai yake ya je neman adadin, in ya same shi a ƙasa can ransa ya riga ya ɓaci ba zai koma sama ya karanta dalili ba. Ka kuma lura ban ce "tunda ku kuka canza" ba, ban ce "Hajiya ta ce" ba, na ce gyaran da aka ce a yi. Kowa ya san wanda ya ce, ba sai ka nuna da yatsa ba. Ban kuma cika saƙon da rantsuwa da ban haƙuri ba, yawan wallahi tallahi a maganar kuɗi sa mutum yake ya fara tunanin mi ake ɓoyewa.

Maganar zaɓin ragewa, ka faɗi gaskiyar abin da zai ragu ko da ba shi da yawa. Bim da fila sun ci siminti 90,000 da rodi 151,000, 241,000 ke nan, amma in an bar bangon ai bulo 100 ɗin nan sun dawo da simintinsu na ɗori da filasta, wajen 110,000, shi ya sa na ce 130,000 ban ce 241,000 ba. Haka in ya ce to a turo mita ɗaya maimakon biyu kuɗin ya rabu biyu, ka yi mashi bayani ba zai rabu biyu ba, don fandishon gaba mita 4 ɗin sai an haƙa shi ko taku ɗaya aka matsa, bim kuma yana nan yadda yake. Abin da ba za ka taɓa sakawa cikin zaɓi ba shi ne rage rodi ko ƙara yashi a kwaɓi. In ya kawo wannan da kansa, ko ya ce wani magini ya ce mil 12 ma ya isa, ka ce ranka shi daɗe wannan sai dai a koma wurin injiniya. Bim da aka yi ma rowar rodi ba ranar yake nunawa ba, sai bayan an ɗora rufi ka fara ganin tsaga a ƙasan tsakiyarsa, silin ya fara lotsawa, a lokacin kuma sunanka ne a bakin mutane ba na maginin da ya ba da shawara ba.

Wurin turawa, in mai gidan babba ne ka fara kiransa ka gaisa ka ce za ka turo bayanin gyaran nan, kar ya buɗe waya kawai ya ci karo da miliyan. In ba mai son karatu ba ne ka bi rubutun da saƙon murya na minti ɗaya ko biyu, amma murya ba ta maye gurbin rubutu, bayan wata uku babu wanda zai zauna yana neman wata murya a WhatsApp, rubutu kuwa ana gani. In ƙanensa ko yaronsa ke kula da aikin a nan Katsina shi yana Abuja, ka tura ma su biyun saƙo iri ɗaya a lokaci ɗaya, in ka bar shi ya bi ta bakin mutum ɗaya adadin kan canza a hanya.

In ya amsa da "ba damuwa" ko ya turo hoton babban yatsa, bai isa ba. Ka sake rubuta mashi a ladabce: "Ranka shi daɗe don in tabbatar, a ci gaba da faɗaɗa falo da cire bango a kan ƙarin 957,500 ko?" Sai ya ce eh sannan ka sa a fara haƙa. In ya kira ka a waya ya amince, kana ajiyewa ka rubuta mashi abin da kuka tsayar ka nemi ya amsa. In kuma Alhamis ta zo shiru, ka tuna mashi sau ɗaya ka faɗi abin da jiran ke ci, leburori za su watse su kama wani aikin, farashin da ka bayar na ranar ne dila ba zai riƙe maka shi ba, in kuma damina ce ba za ka buɗe rami ka bar shi ruwa ya rufta da shi ba, gara a jira kuɗin siminti da tsakuwa su shigo a haƙa yau a zuba gobe.

Da ya amince sai ka sa ma takardar lamba, gyara na 1, da kwanan wata, ka liƙa ta a bayan tsohon ƙiyasi, rasit na kayan gyaran kuma ka ware su a ambulan daban kar su gauraya da na babban aiki. Wanda ya canza falo galibi zai dawo kan kicin ko tagogi, in ya dawo sai ka buɗe gyara na 2 ka fara lissafinsa daga 15,257,500.